Daga Suwakin zuwa Sanganeb: ginin murjani da zafin da ke mai da shi fari

Gaɓar Bahar Maliya ta ɓangaren Sudan tana da ganuwa a cikin ruwa. Ganuwar tana bin bakin teku daga iyakar Masar har zuwa iyakar Eritiriya, wani wuri ta manne da gaɓa, wani wuri ta ja can cikin teku, kuma duk tsawonta dutsen farar ƙasa ne wanda wasu ƙananan dabbobi suka fitar daga jikinsu. Matuƙan jiragen ruwa na yankin suna kiran kowane tudu na wannan dutse sha'ab, suna kiran kafar da jirgi ke samu ya ratsa ganuwar ya isa gaɓa marsa. Yawancin kafofin nan suna bakin kwaruruka ne, inda ambaliyar da ke gangarowa daga tsaunukan Bija take zubo ruwan daɗi da laka jefi-jefi, domin dabbar da ke gina dutsen ba ta jure ko ɗaya daga cikin biyun. Saboda haka duk tashar jiragen ruwa ta wannan gaɓa tana zaune ne a inda murjani ya kasa toshewa.

Ya kamata a rarrabe wannan murjani da jan murjanin da mata ke ɗaurawa a wuya. Jan murjanin ado an fi ciro shi daga Bahar Rum, yana rayuwa a kogunan dutse da wurare masu duhu, kuma ba ya tara tudu. Danginsa masu gina sha'ab kuwa ƙashinsu fari ne fat, ba sa yin nisa da hasken rana, kuma su ne tafiyar nan take bi.

Zangon farko shi ne Suwakin, kimanin kilomita 60 kudu da Fot Sudan. Tsohon garin yana kan wani ɗan tsibiri mai kewaye a ƙarshen wata doguwar marsa. Ta nan ne alhazan ƙasar Hausa da Barno da suka bi hanyar ƙasa suka riƙa haye teku zuwa Jidda, wasunsu bayan shekaru suna aikin gona a Jazira don tara kuɗin jirgi, kuma zuriyar waɗanda suka zauna tana nan a garuruwan gaɓar har yau. Gidajen tsibirin, masu hawa biyu da uku, an gina su ne da dutsen murjani da aka sassaƙo daga teku, kamar dai gidajen tsohuwar unguwar Albalad ta Jidda a ɗaya ƙetaren. Murjanin da ya ba garin bango shi ne kuma ya taimaka wajen kashe masa kasuwa. Marsar ta yi wa manyan jiragen tururi ƙunci, don haka Turawan Ingila suka fara gina sabuwar tasha a arewa a 1905, aka buɗe Fot Sudan a 1909, 'yan kasuwa suka koma can. Dutsen murjani yana da ramuka, yana shan danshi da gishiri, idan ba a sabunta masa shafen farar ƙasa ba sai ya ruɓe. Yau yawancin tsibirin kufai ne.

Kufan yana da amfani ga mai son fahimtar ginin, domin duk dutsen da ya faɗo daga bango yana nuna cikinsa. A fuskarsa akwai ƙananan ramuka masu kewaye, jere da juna, faɗin kowanne daga milimita 1 zuwa santimita 1 ko fiye, gwargwadon irin murjanin. A cikin kowane rami akwai siraran bangaye da suka taso daga gefe suka nufi tsakiya. Kowane rami mazaunin dabba guda ne, wadda masana ke kira folif. Jikinta ɗan buhu ne mai taushi, mai kafa ɗaya tak a sama, wadda ita ce bakin cin abinci kuma ita ce mafitar abin da ya rage. Kewaye da bakin akwai 'yan hannaye, shida ko ninkin shida, cike da ƙwayoyi masu harbin dafi da take kama ƙananan halittun ruwa da su, galibi da dare. Ba ta da kai, ba ta da ido, ba ta da zuciya. Danginta na kusa su ne dabbar nan mai jiki ruwa-ruwa da ke harbin masu iyo, wadda Larabawan gaɓar ke kira ƙandilul bahar.

Ginin yana gudana ne a ƙarƙashin dabbar, tsakanin fatar gindinta da dutsen da take zaune a kai. A nan take killace wani ɗan siririn fili mai ruwa, ta riƙa tura sinadarin kalsiyam cikinsa, tana kuma janye abin da ke sa ruwan tsami. Idan tsamin ya ragu sosai, kalsiyam da kabonet sai su haɗu su daskare su zama ƙananan allurai na wani nau'in farar ƙasa mai suna aragonayit. Allura kan allura, gindi da bangon ramin suna tashi. Lokaci-lokaci dabbar takan ɗaga jikinta sama ta shimfiɗa sabon daɓe a ƙarƙashinta, ta bar tsohon ɗakin a rufe babu kowa. Tana kuma tsagewa biyu ko ta yi toho a gefe, sabuwar ta fara nata ramin, amma fata ɗaya ce ta haɗa su duka, har abinci yana ratsawa daga wannan zuwa waccan. Dunƙulen murjani mai tsayin mutum yana iya ɗaukar dubban ɗaruruwan folif da suka fito daga guda ɗaya, kuma abin da ke raye a jikinsa bai wuce 'yan milimitoci na saman ba. Duk abin da ke ƙasa da wannan fata tsohon ƙashi ne.

Daga Fot Sudan ake shiga jirgi zuwa zango na biyu. Da fita daga tasha launin ruwa yake fara ba da labarin abin da ke ƙasa: kore mai haske a kan yashi mara zurfi, ruwan ƙasa-ƙasa a kan murjani mai rai, sai shuɗi mai duhu inda ƙasa ta faɗa. Masunta da wannan launi suke tuƙi, shi ya sa suka fi son ratsa sha'ab idan rana ta ɗaga kuma tana bayansu. Ba da nisa ba akwai tudun da ake kira Wingeit, inda jirgin Italiya mai suna Umbriya yake kwance a gefensa tun watan Yunin 1940, lokacin da matuƙansa suka nutsar da shi da kansu don kada bama-baman da ya ɗauko su faɗa hannun Turawan Ingila. Tunda an san ranar nutsewarsa, duk murjanin da ya lulluɓe ƙarfensa an san bai girmi wannan rana ba. Haka kuma a Sha'ab Rumi, arewa kaɗan, akwai ragowar ɗakunan ƙarfen da mai binciken teku Jacques Cousteau ya kafa a zurfin mita 10 a 1963 don mutanensa su zauna ƙarƙashin ruwa. Wurare irin waɗannan suna nuna cewa murjani ba ya jiran dutsen kakanninsa. Duk wani abu mai tauri da tsafta a ruwa mai haske zai iya zama masa tushe.

Yadda yake isa sabon wuri shi ne ta hanyar haihuwa. Sau ɗaya a shekara, a 'yan darare na kusa da cikar wata, murjani iri ɗaya da ke yanki ɗaya sukan saki ƙwai da maniyyi cikin ruwa a lokaci guda. A tsakiyar Bahar Maliya nau'o'i masu rassa da yawa suna yin haka ne da bazara. Ƙwan da ya haɗu yakan zama 'yar tsutsa da ba ta kai milimita 2 ba, ta yi kwanaki ko makonni tana yawo da igiyar ruwa, sannan ta sauka ta lalubi wuri. Ta fi son dutsen da wata jar gansakuka mai tauri ta shafe, kuma tana gane ta ne ta sinadaran da take fitarwa. Idan ta manne ba ta sake motsawa har abada. Mafi yawan tsutsotsin kifi ne ke cinye su ko su faɗa kan yashi su mutu.

Sanganeb yana kimanin kilomita 25 daga gaɓa, arewa maso gabas da Fot Sudan. Abin da ake fara hangowa shi ne doguwar hasumiyar fitilar jiragen ruwa da ke tsaye a kudancinsa, kamar a kan ruwa tsagwaro, domin babu tsibiri. Tudun murjani ne mai siffar zobe da aka ja, tsawonsa kusan kilomita 6, da tafki a tsakiya, kuma bangonsa na waje yana gangarawa zuwa zurfin da ya kai mita 800. Sudan ta ayyana shi gandun kiyaye halittun teku a 1990, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 2016 tare da mashigin Dungunab da tsibirin Mukawwar. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya rage zirga-zirgar jiragen masu nutso da a da suke kai baƙi wurin.

Wanda ya sa tabarau na nutso ya leƙa gefen bangon zai ga ginin yana da tsari. A sama, inda igiyar ruwa ke bugawa, murjanin gajere ne mai kauri. Ƙasa kaɗan, daga mita 3 zuwa 15, nan ne cunkoso: masu rassa na dangin Akrofora, wasunsu sun baje kamar tebur, da manyan dunƙule-dunƙule na dangin Foritis. Da aka ƙara nutsawa sai siffofin su koma faranti-faranti masu faɗi da sirantaka, duk suna fuskantar sama. Bayan mita 50 ko 60 masu gini suna raguwa ƙwarai. Dabba mai farauta da dare ba ta da dalilin bin haske haka, sai dai idan akwai wani abu a jikinta da ke buƙatarsa.

Akwai kuwa. A cikin ƙwayoyin fatar cikin folif wata gansakuka ce mai ƙwaya ɗaya take zaune, faɗinta kusan kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, launinta ruwan ƙasa mai ɗan zinariya. A kowane murabba'in santimita na fatar murjani mai lafiya ana samun wajen miliyan 1 ko fiye. Kamar kowane tsiro, tana haɗa sukari daga hasken rana da ruwa da iskar kabon. Zamansu ya yi kama da na mai gona da wanda ya ba aron fili a kan rabon amfani: folif ya ba da wurin zama mai haske da kariya, ya ba da taki daga sharar jikinsa, wato iskar kabon da sinadarin amoniya, gansakukar kuma ta miƙa masa mafi yawan abin da ta noma. A ruwa mara zurfi wannan rabo yana iya biyan kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da dabbar ke buƙata. Akwai dabara a cikin tsarin. Folif ba ya sakin amoniya da yawa, don haka gansakukar ba ta samun abin da za ta hayayyafa da shi fiye da kima, sai ta riƙa zubar da rarar sukarinta ga mai gida.

Wannan haɗin gwiwa ne ya warware abin da ya daɗe yana ba masana mamaki tun zamanin Charles Darwin, wanda ya wallafa littafinsa kan tudun murjani a 1842: yadda wuri mai cike da rai haka yake tsayawa a ruwan da kusan babu abinci a cikinsa. Shuɗin ruwan Sanganeb da tsabtarsa alama ce ta talauci, domin babu kogi ko ɗaya mai gudu duk shekara da ke zuba a Bahar Maliya ya kawo taki. Murjani yana rayuwa a nan ne don taki ɗaya yake juyawa tsakaninsa da gansakukarsa ba tare da ya zube ba. Ƙarfin da yake samu daga rana shi ne kuma ke tafiyar da aikin tura kalsiyam, shi ya sa yake aza dutse da rana kusan ninki uku na abin da yake azawa a duhu. Launin ruwan ƙasa da kore-kore da ake gani a jikin yawancin murjani ma na gansakukar ne. Fatar dabbar ita kanta kusan garau take.

Duk da haka ginin ba ya sauri. Mai rassa yana iya ƙara santimita 10 ko fiye a shekara, dunƙulen Foritis kuwa wajen santimita 1 ne, don haka wanda tsayinsa ya kai mita 3 ya yi kusan shekara 300. Idan aka haƙo sanda daga cikin irin wannan dunƙule aka ɗauki hotonta da na'urar hoton ƙashi, ana ganin layuka masu duhu da masu haske, biyu-biyu a kowace shekara, kuma da su ake ƙirga shekarunsa a kuma gane shekarun da ya wahala. Tudun gaba ɗayansa ya fi haka jinkiri, 'yan milimitoci ne a shekara, domin yayin da ake gini ana kuma rushewa. Kifi mai bakin aku, wanda masuntan yankin ke kira harid, yana gatsar dutsen don cin gansakukar da ke kai, ya kasayar da farin yashi. Soson teku da tsutsotsi suna huda ƙashin daga ciki, guguwa tana karya rassa. Ɓaraguzan suna cika ramuka, jar gansakuka mai tauri ta bi ta liƙe su. Tudu yana tashi ne kawai muddin abin da ake azawa ya fi abin da ake ci, kuma wannan rata ba ta da faɗi.

A nan zafi yake shigowa. Yawancin murjanin duniya ya fi jin daɗin ruwa mai digiri 23 zuwa 29, amma babu lamba ɗaya da ta dace da ko'ina, domin kowane tudu ya saba da zafin wurinsa. A arewacin Bahar Maliya ruwan sama a tsakiyar zafi yana tsayawa wajen digiri 27 ko 28, a kudu yana wuce 32, kuma murjani na rayuwa a duka biyun. Abin da aka lura da shi a kusan kowace teku shi ne murjani yana zaune dab da iyakarsa. Ƙarin digiri 1 kacal a kan matsakaicin watan da ya fi zafi a wurin, idan ya ɗauki makonni, ya isa ya fara lalata zaman.

Ɓarnar tana farawa ne a cikin gansakukar. Sashen da ke kama hasken rana a jikinta kullum yana lalacewa ana gyara shi, kuma zafi yana sa gyaran ya kasa cim ma lalacewar. Rana kuwa ba ta daina zubowa. Ƙarfin hasken da ba a iya sarrafawa sai ya faɗa kan iskar oksijin ya mai da ita wasu sinadarai masu ƙuna, ciki har da irin ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi. Suna tsiyayowa cikin ƙwayoyin folif suna ɓata su, sai dabbar ta fara amayar da gansakukar ko ta narkar da ita. Wannan ne bayanin da aka fi daɗewa a kai, kuma ya dace da abin da ake gani a teku: fuskar murjanin da ke kallon rana ita ke fara yin fari, kuma lamarin ya fi muni a makonnin da iska ta kwanta, sama ta washe, ruwa ya tsaya cik.

Binciken da aka yi kan murjanin Bahar Maliya a jami'ar KAUST da ke Suwal, arewa da Jidda, wanda aka wallafa a 2021, ya ƙara wani ɓangare da ke faruwa tun kafin launi ya canja. Zafi yana hanzarta aikin jikin folif, ya ƙone ajiyarsa, har ya koma cin furotin ɗin jikinsa, abin da ke sakin amoniya mai yawa. Gansakukar da ta samu taki a yalwace sai ta riƙe sukarinta ta yi amfani da shi wajen hayayyafa. Mai gida yana ƙara yunwa, yana ƙara ƙona furotin, yana ƙara sakin taki. Bayanan biyu ba sa karo da juna, kuma na biyun ya fi fayyace dalilin da ya sa murjanin da ke kusa da magudanar najasa ko ruwan takin gona yake saurin yin fari fiye da na ruwa mai tsabta.

Idan mafi yawan gansakukar ta fita, farin ƙashi sai ya bayyana ta cikin fata mai garau. Wasu nau'o'in kafin nan sukan yi wani launi mai ƙyalli, shuɗi ko ruwan hoda ko rawaya, daga sinadaran kariya da dabbar ke fitarwa don tare haske. Baƙo yakan ɗauka kyau ne, alhali alamar wahala ce. Farin murjani bai mutu ba tukuna, yunwa yake ji. Idan ruwa ya huce cikin 'yan makonni, ragowar gansakukar da ke jikinsa takan hayayyafa, launi ya dawo cikin watanni, ko da yake girma yakan tsaya kuma haihuwar shekarar takan lalace. Idan zafi ya zarce, fatar ta saɓule.

Ana iya rarrabe waɗannan da ido idan aka matso. Murjanin da ya yi fari yana raye yana da santsi da ɗan sheƙi, kuma da dare ana ganin hannayensa sun fito. Wanda ya mutu kwanan nan ramukansa a buɗe suke, bangayensu masu kaifi, babu komai a kai, kuma cikin mako ɗaya ko biyu wata gansakuka mai gashi-gashi takan rufe shi ya koma kore mai datti. Akwai kuma fari da ba na zafi ba. Tauraron teku mai ƙaya yana cin fatar murjani ya bar tabo mai kewaye da iyaka a fili, gefensa kuma lafiya lau. Cuta takan bar farin layi mai tafiya daga gindi zuwa sama. Farin zafi kuwa yana zuwa ne a hankali kamar koɗewa, ya kama nau'o'i da yawa a faɗin wuri a lokaci guda, masu rassa da fari, dunƙule-dunƙule daga baya.

Tunda zafi da tsawon lokacinsa ne tare suke yin ɓarna, hukumar NOAA ta Amurka tana haɗa su a ma'auni ɗaya da ake gani a taswirorinta da sunan DHW. Taurarin ɗan'adam suna auna zafin saman teku kullum, a kwatanta shi da matsakaicin watan da ya fi zafi a wurin, a tara rarar ta makonni 12 da suka wuce, amma ba a ƙirga rarar da ba ta kai digiri 1 ba. A ɗauki misalin tudun da matsakaicin watansa mafi zafi digiri 31 ne. Mako biyu ruwa yana 31.5: ba a ƙirga komai. Sai mako uku yana 32: rarar digiri 1 sau uku, jimla 3. Sai mako biyu yana 33: rarar 2 sau biyu, jimla ta zama 7. Sai mako ɗaya yana 32.5, jimla ta kai 8.5. A ma'aunin, daga 4 ake sa ran ganin fari a fili, daga 8 kuma ake sa ran mutuwar nau'o'i marasa juriya. Tudun misalin ya tsallake 4 a cikin mako na shida, ya tsallake 8 a na takwas, alhali ruwan bai taɓa wuce sabonsa da fiye da digiri 2 ba. Ma'aunin yana da iyaka: fatar teku kawai tauraron ke gani, bai san ruwan sanyin da ke tasowa daga zurfi a gefen bango irin na Sanganeb ba, bai kuma san gajimare ko laka ba. Duk da haka zafin 2023 ya wuce tsohon ma'aunin har hukumar ta ƙara sabbin matakan gargaɗi uku, na ƙarshensu daga 20 zuwa sama.

Kafin shekarun 1980 farin murjani abu ne na wuri ɗaya, bayan ambaliya ko janyewar ruwa. Sau huɗu ke nan yana kama tekunan duniya gaba ɗaya: 1998, 2010, 2014 zuwa 2017, sai wanda ya fara a 2023 aka tabbatar da shi a watan Afrilun 2024. Dalilin shi ne teku ce ke shanye fiye da kashi 90 cikin 100 na rarar zafin da iskar kabon ta ƙone-ƙonen mai da kwal da gas ke tarewa, don haka shekarar da yanayin Elnino mai ƙara zafin teku ya zo, a kan ruwan da ya riga ya ɗumama yake ɗorawa. Babbar ganuwar murjani ta Ostareliya ta rasa kusan kashi 30 cikin 100 na murjaninta na ruwa mara zurfi a 2016 kaɗai, kuma ta sake yin fari a 2017, 2020, 2022 da 2024. Matsalar tana cikin tazarar nan. Tudun da zafi ya kashe yana buƙatar shekara 10 zuwa 15 kafin masu saurin girma su sake rufe shi, tsofaffin dunƙule kuwa sai ƙarni, kuma duk tsawon lokacin kifi mai bakin aku da soso ba su daina cin dutsen ba.

Bahar Maliya ba ta tsira ba, amma labarinta ya rabu biyu. A tsakiya da kudu, inda Sudan da Jidda suke, an ga fari mai yawa kusa da Suwal a 2010, da kuma kudu da Jidda a 2015. Sandunan da aka haƙo daga wani nau'in dunƙule a tsakiyar tekun sun nuna, a binciken da aka wallafa a 2010, cewa girmansa ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100 tun 1998, ko da yake daga waje lafiya ake ganinsa. A can ƙarshen arewa kuwa, a mashigin Aƙaba, gwaje-gwaje sun nuna murjanin yana jure ƙarin digiri 5 ko fiye a kan zafin da ya saba da shi ba tare da ya yi fari ba.

Bayanin da aka fi karɓa yana komawa ga tarihin tekun. Kimanin shekara 20,000 da suka wuce, lokacin da ƙanƙara ta riƙe ruwan duniya, teku ta sauka da wajen mita 120. Mashigar kudu, kusa da Babul Mandab, zurfinta bai wuce mita 137 ba a wuri mafi tudu, don haka Bahar Maliya ta kusa yankewa, gishirinta ya hau har ya hallaka yawancin abin da ke cikinta. Da ruwa ya dawo, tsutsotsin murjanin da suka sake shigowa daga Tekun Indiya dole suka ratsa kudanci, wurin da ya fi ko'ina zafi, kuma masu juriya ne kawai suka wuce. Zuriyarsu da ta isa Aƙaba ta samu kanta a ruwa mai sanyi da juriyar da ba ta buƙata tukuna. 'Yan'uwansu da suka tsaya a Sanganeb da Suwakin da tsibiran Farasan na kudu gadonsu ɗaya ne, sai dai ruwan da suke ciki ya riga ya kai kusa da iyakar wannan gado, shi ya sa ƙarin digiri 1 ko 2 a watan Agusta ya fi yi musu barazana fiye da na arewa.